Kunkuru Ya Zama Mace a Faransanci: Yadda Za Ku Gyara Tatsuniyar Kwanciya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kamba ne, maiɗakina kuma 'yar Gaya ce ta Nijar, da Faransanci ta yi karatunta. Muna da yarinya 'yar shekara 4, muna so ta tashi da harsunan biyu saboda kakanninta na can. Na rubuta mata tatsuniyar Kunkuru da Wata da Kura, shafi uku na littafin makaranta, uwar ta fassara layi-layi. Ta Hausar tana tafiya, amma ta Faransancin uwar da kanta ta ce ba ta da daɗin faɗi. Yarinyar kuma maimakon barci sai tambaya. Jiya cewa ta yi: "Baba, Kunkuru namiji ne ko mace?" Ni Faransancina bai wuce na kasuwa ba. Ina gyaran yake?

Wani uba daga Kamba

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana ita. Tambayar da ta yi maka shaida ce cewa kunnenta yana kama harsunan biyu sarai, don haka laifin ba nata ba ne, ba kuma na Faransancin uwargida ba. Daga tsarin aikin matsalar ta taso: an gama tatsuniya da harshe ɗaya, sannan aka ɗora wa ɗayan ya bi sawunta ƙafa da ƙafa. Abin da za ku yi shi ne ku tsara ƙashin labarin tare, sannan kowannenku ya faɗe shi da bakinsa cikin harshensa, a rubuta abin da baki ya faɗa. Abin da ya faru a kowane shafi shi ne zai zama ɗaya, kalmomi kuwa kowane harshe da nasa.

Mu fara da abin da ya ɗaure wa yarinyar kai. Hausa da Faransanci duka suna raba suna namiji da mace, amma rabon nasu bai zo ɗaya ba. Kunkuru a bakinka "ya tafi" ne, a bakin uwar kuwa la tortue ce, dole ta ce mata elle. Wata ma haka: mu "wata ya fito", su la lune, mace. Ka ga kenan jarumanka biyu duka sun sauya jinsi a hanyar Gaya. Kura ce kawai ta tsira, don ita mace ce a nan, mace ce a can. Irin wannan saɓani yana da yawa a dabbobin da muka fi so a tatsuniya. Gizo namu namiji ne mai mata Ƙoƙi, amma l'araignée mace ce. Giwa ta zama l'éléphant, dorina l'hippopotame, bushiya le hérisson, duka maza. Rana kuma le soleil, namiji. Waɗanda suka dace a harsunan biyu su ne irin su jaki da l'âne, zomo da le lièvre, kifi da le poisson, kada da le crocodile, zakara da le coq, sai akuya da la chèvre, kaza da la poule, shamuwa da la cigogne, zabuwa da la pintade.

Saboda haka aikin farko, kafin a rubuta ko kalma ɗaya, shi ne ku zauna ku jera duk wanda zai buɗe baki ya yi magana a labarin, kai ka faɗi sunansa da Hausa, ita ta faɗa da Faransanci tare da le ko la ɗinsa. Wanda bai dace ba a canza shi. Wannan doka kan masu magana kaɗai take. Itacen tsamiya mace ce a wajenmu, le tamarinier kuma namiji, amma tunda tsamiya ba za ta gaisa da kowa ba, yaro ba ya kula. Wata ma zai iya fitowa ya haska gari, muddin bai zama mutum mai murya ba. In kuma yarinyar ta riga ta shaƙu da Kunkurunta har ba a iya cire shi, a ba shi suna na maza, uwar ta gabatar da shi sau ɗaya da Monsieur Tortue, daga nan ta riƙa kiran sunan tana cewa il. Yana yiwuwa, sai dai gyaran tsohuwar riga ne, ɗinka sabuwa ya fi sauƙi.

Sai tsawo. Shafi uku na littafin makaranta zai kai kalma ɗari shida ko fiye, ga Kura tana bin mutane da gudu a ciki. Wannan tatsuniyar dandali ce, ta sa yara ihu da dariya. Ta kwanciya ga 'yar shekara huɗu ba ta bukatar wuce kalma 250 zuwa 300 a kowane harshe. Mai karanta wa yaro a tsanake yana yin kalma casa'in zuwa ɗari a minti, in ka haɗa da tsayawa a kalli hoto da maimaita amshi, minti huɗu zuwa biyar kenan. Kuma siffarta gangara ce: abin da ya fi tayar da hankali yana zuwa da wuri, ya zama ƙarami, daga nan komai sai sauka yake yi har shafin ƙarshe, inda jimloli suke gajarta murya tana yin ƙasa.

Ga misali mu bi shi tare, ku ɗauka ko ku yi naku a kansa. Wata 'yar zabuwa ta tsaya tsintar shinkafa a bakin fadama har rana ta faɗi. Ta tambayi Jaki wurin kwana, nasa bai yi mata ba. Ta tambayi Kifi, nasa bai yi mata ba. Ta tambayi Kaza, akurki ya cika. Ta tsaya shiru, wata ya fito. Ta ji kiran uwarta daga kan tsamiya, ta hau ta shige ƙarƙashin fiffike. Kowa ya yi barci. Matakai bakwai kenan, kuma wannan jerin shi ne ƙashin labarin. Ku rubuta shi a takarda guda, layi bakwai, kowane layi abu ɗaya da za a iya zanawa. In ka ga layi yana bukatar hoto biyu, to matakai biyu ne ka cusa wuri ɗaya. Dukan masu maganar sun dace a jinsi, kuma duk abubuwan da ke ciki, fadama da jaki a turke da zabi a kan itace da magariba, yarinyar tana ganinsu a Kamba tana ganinsu a Gaya, ba sai an tsaya bayani ba.

Sunan 'yar zabuwar ma yana son lura, domin wanda ya yi karatun Faransanci idonsa yana karanta baƙaƙenmu da wata murya daban. Harafin u a wajensa ba namu ba ne, shi ya sa a Nijar ake rubuta Talatou da Dogondoutchi. Harafin c kuma ko s ko k yake zame masa, shi ya sa Cima take komawa Tchima. In kuka zaɓi suna mai irin waɗannan, dole a rubuta shi iri biyu a shafi ɗaya, ranar da yarinyar ta fara haɗa baƙi sai ta ɗauka mutum biyu ne. Ku ɗauki suna mai a da i da baƙaƙe marasa lanƙwasa. Tani ya yi, ana karanta shi daidai ta kowane gefe. Lami ma yana karantuwa, amma a kunne daidai yake da l'ami, wato aboki, sai ku sani.

Akwai kalmomi biyu da suke yi wa gidaje irin naku tarko, kuma kusan kowa sai ya faɗa. Ta farko dodo. A Faransancin yara dodo barci ne, uwa tana lallashi tana cewa fais dodo. Mu kuwa ka san waye Dodo. Yarinyar da aka taɓa tsorata da shi da rana, in ta ji sunansa cikin duhu a shafin ƙarshe, barcin ya gudu. In uwar ta saba faɗa mata tun tana goye kuma ba ta damu ba, babu laifi, amma a rubutaccen labari gara ta yi amfani da dors ko bonne nuit. Ta biyu Kaka. Sunayen dangi irin su Inna da Goggo da Kawu mun fi so a bar su da Hausa ko a cikin Faransancin, domin tante da oncle ba sa bambanta dangin uwa da na uba. Amma Kaka a kunnen mai jin Faransanci daidai yake da caca, wato kashi, kuma ba abin da ke sa ɗan shekara huɗu dariyar da ba ta tsayawa kamar wannan. In akwai kaka a labarin, a shafin Faransanci a ce Mamie, ko sunan da ake kiranta da shi a gida.

Yanzu amshi, wanda shi ne ginshiƙin abin duka. Tatsuniyarmu ta gargajiya tana da 'yar waƙa da ake maimaitawa, kuma ita yaro yake fara haddacewa. A labarin harshe biyu amshin ne ƙofar da zai bi ya shiga harshen da ya fi masa rauni, don haka ku ba shi lokaci fiye da sauran jimlolin gaba ɗaya. Tani za ta yi tambaya ɗaya sau uku. Da Hausa: "Dare ya yi, ina makwanci?" In aka fassara kai tsaye za a samu wani abu kamar où vais-je dormir, wanda daidai ne a nahawu amma ba ya rerawa, kuma ba haka ƙaramar yarinya take magana ba. Uwar ta ajiye Hausar gefe, ta nemi abin da bakin Faransanci zai rera a wannan hali. Misali: « Il fait nuit, où est mon nid ? » Ma'anarsa dare ya yi, ina sheƙata. Ba a furta d ɗin nid, don haka nuit da nid suna faɗuwa kan sauti ɗaya, kamar yadda "yi" da "makwanci" suka faɗa a namu. Na Hausa gaɓa tara ne, na Faransanci bakwai, kusancin ya isa a rera su da karin murya guda. Mai kiwon zabi zai ce zabuwa ba ta kwana a sheƙa, kan reshe take hawa. Gaskiya ne, amma Tani ƙarama ce, nema take yi, kuma ƙarshen labarin zai nuna mata reshen. Da zarar kun tsayar da amshi, kada a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsa. In yau an ce "ina makwanci" gobe "ina zan kwana", yarinyar ba za ta samu abin riƙewa ba, kuma ita da kanta za ta gyara maka.

Daga nan kowa ya ɗauki takardar layi bakwai ya koma gefe. Kai ka faɗi labarin da baki, waya tana ɗaukar murya, kamar yarinyar tana gabanka. Uwar ma ta yi nata da Faransanci ba tare da ta ji naka ba. Sannan ku saurara ku rubuta, kuna yanke abin da ya yi yawa har kowane mataki, ban da na ƙarshe, ya tsaya a kalma 35 zuwa 45. Ga yadda matakin Jaki zai iya fitowa da Hausa:

Sai ta iske Jaki a turke. Ta ce, "Sannu Jaki. Dare ya yi, ina makwanci?" Jaki ya ce, "Ni a tsaye nake barci. Tsaya nan kusa da ni." Tani ta tsaya, ta tsaya, ƙafa ta gaji.

Kalma 36 kenan. Ga na uwar:

Elle rencontre l'Âne, attaché à son piquet. « Bonsoir, l'Âne. Il fait nuit, où est mon nid ? » « Moi, je dors debout. Fais comme moi. » Tani reste debout, debout, debout... Aïe, les pattes !

Duba inda suka rabu. Jakinka ya ce ta tsaya kusa da shi, nata ya ce ta yi kamar yadda yake yi. Kai ka maimaita aikin, "ta tsaya, ta tsaya", ita ta maimaita debout, a tsaye, domin Faransanci ya fi sakewa da hakan. Kai ka ce ƙafa ta gaji, ita ta sa Tani ta yi kukan ƙafafun da kanta. Ba wanda ya fassara wani, amma hoto ɗaya ne ya dace da duka biyun: 'yar zabuwa tsaye gefen jaki ƙafa tana rawa. Wannan shi ne ma'aunin. In hoton ya yi wa shafin Hausa daidai amma na Faransanci ya ambaci abin da babu a ciki, can ne kawai ake gyara.

Abin da uwargida ta ji ba daɗi a fassararta, muna kyautata zaton lokacin aikatau ne. Mu a labari muna da namu salon, "sai suka tafi, suka iske, suka ce", kuma shi ne dai wanda muke hira da shi kullum, yaro ya saba da shi tun kafin ya iya magana. Faransanci yana da lokacin da aka ware wa rubutaccen labari, passé simple, wanda ba a hira da shi. Duk wanda ya yi makaranta da Faransanci, da ya ɗauki biro zai rubuta labari, hannunsa can yake zuwa: ils partirent, elle rencontra. Littattafan yara da yawa da shi aka rubuta su, kuma yaron da Faransanci ya kewaye shi yana sabawa. Amma 'yarku a bakin mutum ɗaya take jin harshen, kuma uwar ba ta taɓa ce mata tu mangeas ba. Sai ta buɗe da Il était une fois une petite pintade qui s'appelait Tani, daga nan ta koma lokacin yanzu, elle picore, elle rencontre, elle demande, kamar abin yana faruwa a gaban ido. Kalmomin sun fi gajarta, kuma su ne yarinyar take ji da rana. Passé simple ya jira ta kai shekara shida ko bakwai.

"Sai" ma tana da nata. A Hausa za ka iya jera ta goma a shafi ba ta gundura, ita ce ma take tura labarin gaba. In kowace "sai" ta koma alors ko puis, Faransancin yana yin nauyi kamar jaki da kayan gishiri. Ɗaya a shafi ta isa, sauran a bar aya ta yi aikin. Haka nan gaisuwa: Tani za ta iya cewa Kaza "Sannu da hutawa, Inna Kaza, ya gajiya?", a Faransanci Bonsoir kaɗai ya wadatar. Kuma dabbobin su yi wa juna tu, ba vous ba, har da uwar zabuwa.

Kalmomin kwaikwayon sauti kuwa kada a yi ƙoƙarin daidaita su. A matakin Kifi, kai za ka ce Tani ta tsoma ƙafa, ruwa sanyi ƙalau, Kifi ya koma ciki tsulum. Uwar tana da Brrr na jin sanyi da plouf na faɗawa ruwa. Akurki ya cika maƙil, ita ta ce plein, tout plein. Jakinta yana kuka hi-han, zakaranta cocorico. Yara suna son wannan bambancin, har sukan tambaya ko jakin Gaya Faransanci yake ji. Sai dai duk masu ƙara a tara su a matakai huɗu na farko. Daga fitowar wata zuwa ƙarshe ba sauran tsulum, ba cocorico.

Mataki na bakwai shi ne wanda ya kamata ya fi kowane gajarta, ya bi sunayen da aka haɗu da su ɗaya bayan ɗaya. Kai: "Jaki ya yi barci. Kifi ya yi barci. Kaza ta yi barci. Tani ma, a ƙarƙashin fiffiken Inna, ta lumshe ido. Gari ya yi tsit." Ita: L'Âne dort. Le Poisson dort. La Poule dort. Et Tani, sous l'aile de sa maman... chut. Tsakanin kowace jimla a ja numfashi guda cikakke. Yaro yana bin numfashin mai karatu ba tare da ya sani ba. Kada a liƙa darasi a ƙarshe, irin "saboda haka yara ku riƙa komawa gida da wuri". Darasi yana jawo "don me?", "don me" kuma yana jawo wani rabin awa.

Buɗewa da rufewa kowane harshe ya riƙe nasa. Daren Hausa ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku", ta amsa "Ta zo mu ji ta", ko yadda ake faɗa a gidanku, ka rufe da "Ƙurunƙus kan kusu" cikin raɗa, ba da ƙarfin dandali ba. Il était une fois ba shi da amsa, amma uwar za ta iya ƙirƙiro ta: ta faɗa ta yi shiru, yarinyar ta cika da une petite pintade. Ta rufe da Bonne nuit, Tani, sannan bonne nuit da sunan yarinyar. Waɗannan jimlolin su ne alamar da za ta gane da wane harshe ake tafiya a daren.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowane ɓata aiki bayan an gama rubutu, wato karanta jimla da Faransanci a bi ta da Hausa, jimla da Faransanci a bi ta da Hausa. Yaro ba wawa ba ne. In ya san fassara tana tafe, sai ya rufe kunne ya jira ta, Faransancin ya zama iska. Ga kuma labarin ya ninka tsawo. Dare ɗaya, harshe ɗaya, daga farko har ƙarshe. Tunda Hausa ta kewaye ta a gida da unguwa da islamiyya, ku fara da Hausa dare biyu ko uku har ta san abin da zai faru a kowane shafi, daga nan Faransanci ya samu kaso mafi yawa, misali dare huɗu ko biyar a mako. In ta tsaya ta tambayi uwar wata kalma, uwar ta nuna hoton ko ta kwatanta da hannu, in bai yiwu ba ta faɗi kalmar Hausa guda ɗaya ta wuce. In ta amsa da Hausa alhali ana Faransanci, kada a gyara mata a gado. Uwar ta maimaita abin da ta faɗa da Faransanci kamar mai yarda da ita, a ci gaba.

Kai da Faransancinka na kasuwa kana da aiki biyu a nan. Na farko, bayan uwar ta rubuta nata, ta rufe takardarka ta faɗa maka da Hausa abin da kowane shafinta ya ce, kai kana duba layi bakwai ɗin nan. A nan za ku kama in wani ya ƙara abin da ɗayan ba shi da shi. Na biyu, ka haddace amshin Faransancin daga bakinta, ka riƙa rera shi tare da su. Ganin Baba ma yana faɗa yana ɗaga darajar harshen a idon yarinya fiye da yadda kake zato.

Game da Hausar da za ka rubuta, kai da uwargida kun fi kusa da juna fiye da yadda kuke da littafin makaranta, domin karin harshen Kabi da na yankin Dosso 'yan gida ɗaya ne. A takarda rubuta daidaitacciyar Hausa, "suka tafi", "farin wata", saboda ita za ta tarar a aji. A baki kuwa ka faɗi abinka, "sunka tahi", "hwarin wata", yadda kakarta take faɗa. Abu ɗaya za ku yanke shawara a kai: Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, kamar a 'yar da ƴar. Ku ɗauki ɗaya ku tsaya a kai.

Littafin kansa ba ya cin kuɗi. Farar takarda A4 guda huɗu, a haɗa a ninke biyu, a ɗinke tsakiya da zare ko a maƙale da sitefla wuri biyu, ta ba da shafi 16. Na farko bango, na ƙarshe baya, sauran sha huɗun buɗi bakwai ne, daidai da matakanku. A kowane buɗi hoto a dama, rubutu a hagu, Faransanci a sama da shuɗin biro, Hausa a ƙasa da baƙi, kuma launin kada ya sauya har ƙarshe. Ku ninke ku sa lambar shafi da fensir kafin ku fara rubutu, domin in aka warware takardun shafi na 16 yana gefen na 1, na 2 yana gefen na 15, kuma nan masu bugawa a shago suke rikicewa. Mafi sauƙi shi ne a buga rubutun daban da manyan baƙaƙe, girman 18 ko 20, a yanka a liƙa da gam. In a waya za ku rubuta, Gboard yana da Hausa da Faransanci duka, sai ku riƙa sauyawa, in ba haka ba mai gyaran rubutun Faransanci zai mayar maka da kalmomin Hausa wani abu daban. Kafin ku kai shago ku mayar da shi PDF, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito da akwati a wurinsu. Nau'in Andika yana da su duka har da é da ê da ç, kuma don masu koyon karatu aka yi shi. Hoton ba sai na gwani ba. Jaki mai dogon kunne da 'yar zabuwa mai ɗigo-ɗigo sun isa, kuma in yarinyar ce ta shafa musu launi da rana, da dare littafin nata ne.

Gwajin ba ya wuce mako guda. Bayan isha'i, an kashe waya, fitila ƙasa-ƙasa, a karanta, a yi addu'ar barci bayan labarin. A dare na uku na kowane harshe, idan Tani ta iso gaban Kifi, mai karatu ya ce "Dare ya yi" ko Il fait nuit, ya yi shiru. In ta cika sauran, amshin ya zauna. In ta cika na Hausa ta kasa na Faransanci bayan mako, ko ya yi tsawo ko akwai kalmar da ba ta sani ba, sai uwar ta nuna mata sheƙar tsuntsu da rana ta kira sunanta. In tana juya shafi kafin a gama karanta shi, rubutun wannan shafin ya yi yawa, a cire jimla guda daga harsunan biyu. In kuma ta miƙe zaune a wani wuri tana tambaya ido a buɗe, ku duba ko akwai abin tsoro ko abin dariya da ya gangaro cikin matakai ukun ƙarshe, ku mayar da shi sama kusa da Jaki.